Layi Ɗaya Ta Aiko

Jan Biro suke kirana a ofis, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa kafin in yi ritaya in kama aikin sakatare a ƙungiyar ma'aikatan gashi, waɗanda ake ce wa fisiyo, masu motsa gaɓoɓin marasa lafiya har su dawo aiki. Ni ko yatsa ban iya gasawa ba. Abin da na iya shi ne takarda. In ka miƙo min wasiƙa, kafin ka zauna na ga inda ka manta aya, na ga inda ka maimaita kalma. Na tsani aikin da aka yi rabi da rabi, kuma na fi tsanar shafin da aka bar wa fili kamar bakin mai giɓi.

Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi. Akwai fanka mai kuka, da kabad ɗin ƙarfe mai aljihu huɗu inda nake ajiye fom ɗin rajistar kowane ɗan ƙungiya, da tebur ɗina a jikin taga. Duk shekara muna yin babban taro, kuma ni ke haɗa ɗan littafin da ake raba wa mahalarta. A ciki akwai taƙaitaccen tarihin duk wanda zai gabatar da jawabi. Tsarina guda ne tun da na fara: hoto a hagu, layi biyar a dama. Suna, aiki, wurin aiki, unguwar da wurin yake, sai shekarun ƙwarewa. Mutum uku a shafi. Da wannan tsarin nake taƙama, har wata ƙungiya ta taɓa aron littafinmu don ta kwaikwaya.

A bana masu jawabi goma sha takwas ne. Goma sha bakwai sun aiko min da tarihinsu yadda aka saba, wato da yawa. Wani babban ma'aikaci ya turo shafi biyu cur, har da shekarar da ya yi monita a firamare. Na zauna da birona ina yankewa ina tsaki, amma a raina daɗi nake ji, don aikin da na iya ke nan.

Ta goma sha takwas ita ce wadda abokan aikinta ke kira Anti Tata. Yaran da take yi wa gashi ne suka sa mata sunan, saboda ita ke riƙe hannunsu tana cewa "tata, tata" har su ɗaga ƙafa. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar da ta zo sabunta rajista: doguwa, ba ta da yawan magana, ta zauna a kujerar da ke fuskantar ƙofa. Jawabinta a kan yadda uwa za ta ci gaba da motsa yaro a gida ne, da tawul da matashi da kujera, ba sai da na'ura ba. Kwamiti ya ce a cikin duk abin da aka turo babu kamar nata.

Ga abin da ta aiko min a matsayin tarihinta:

"Ma'aikaciyar gashi ce, ta shekara tara tana aiki da yara masu lalurar motsi."

A ƙasa ta ƙara da cewa, "Malam, don Allah a sa shi haka, kada a ƙara komai. Kuma ba sai an sa hoto ba. Na gode."

Na sa shi a shafi na shida na duba. Mutum biyu a sama da hotunansu da layukansu biyar biyar, ita kuma a ƙasa da layi ɗaya da farin fili. Abin ya tsaya min a rai har na koma gida. Muna cin abinci na ba maman yara labari.

Na ce, "Kin ga matsalar matanmu ke nan. Mace ta fi kowa iya aiki, amma kunya ta hana ta faɗin inda take. Wanda bai iya komai ba ya cika shafi biyu."

Ta ce, "To ka kira ta ka tambaye ta mana."

"In na tambaye ta cewa za ta yi a bar shi. Irin su sai an yi musu dole a fito da su."

"Ai kuwa ta riga ta ce a bar shi," in ji maman yara, ta ci gaba da zuba wa autarmu ruwa.

Ban kula ta ba. A ganina alheri zan yi. A raina na ga iyaye suna karanta littafin suna neman inda za su kai 'ya'yansu, na ga wata babbar cibiya ta ɗauke ta aiki, na ga ta zo tana min godiya tana sunkuyar da kai. Washegari da safe na jawo aljihun kabad na biyu, na zaro fom ɗinta. Komai yana ciki: cikakken sunanta, sunan cibiyar yaran da take aiki, unguwar, da ƙaramin hotonta an manna a kusurwa. A ƙasan fom ɗin akwai wani layi da ƙananan haruffa mai cewa bayanan nan don amfanin ofis ne kawai. Ni na rubuta layin da hannuna shekara shida da suka wuce, kuma a ranar idona ya bi ta kansa ya wuce.

Na cika mata layi biyar. Na ɗauki hoton a waya na gyara haskensa. Shafi na shida ya zauna daram, na jingina da kujera ina kallonsa.

Ranar Litinin na tura wa Injiniya, mutumin da ke kula mana da shafin ƙungiya na intanet, ya ɗora. Na aika littafin ta imel ga mutum ɗari huɗu da talatin. Na kai wa mai ɗab'i ya buga guda ɗari uku. Na kuma yanka wa kowane mai jawabi ɗan hoton talla, fuskarsa da tarihinsa, na zuba a zaurukan waya na ƙungiya, na rubuta a ƙasa: a yaɗa don Allah.

Ranar Alhamis, wajen ƙarfe tara na safe, ina shan shayi wayata ta yi ƙara.

"Malam, ni ce. Ta shafi na shida."

Na gyara zama ina murmushi. Na ce, "A'a, Anti Tata! Kin ga aikinmu ko?"

"Na gani. Wata abokiyar aikina ce ta nuna min yanzu. Malam, wa ya ba ka izini?"

Muryarta ba ta tashi ba. Da ta yi min ihu da na san yadda zan yi da ita, don na saba da iyayen ɗalibai. Na fara bayani a kan tsari, da daidaiton shafi, da yadda bai kamata ƙwararriya irinta ta ɓoye kanta ba. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Malam, ina da 'ya, shekararta bakwai. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da muka bar garin da ubanta yake. Ya karya min hannu sau biyu, na biyun a gabanta. Kotu ta raba mu, ta ba ni riƙonta, ta ba shi takarda kada ya kusance mu. Ya ce takarda ba ta tare ƙofa. Tun da muka taho ba ni da shafi ko ɗaya a waya. In ana ɗaukar hoto a wurin aiki fita nake yi. 'Yan'uwana biyu kawai suka san unguwar da nake. Sunana ne ba zan iya canzawa ba, don shi ke kan lasisina. Shi ya sa da kwamiti suka matsa min na ce to, a sa suna, amma kada a ce ga inda nake. Sunan kaɗai ba zai kai shi ko'ina ba."

Shayin ya huce a hannuna. Na ce, "Subhanallahi. Ai da kin gaya min."

"Na gaya maka. Na ce kada a ƙara komai."

"Ina nufin dalili."

"Dole sai na kwance maka rayuwata kafin ka bar min layina yadda na rubuta?"

Kuma don a san irin mutumin da nake, ko a lokacin sai da na nemi ceto shafina. Na ce to bari in cire sunan cibiyar da hoton, in bar unguwar kawai, ai unguwa babba ce.

Ta ce, "Cibiyar gashin yara nawa ce a unguwar, Malam? Ɗaya ce. Ko mai sayar da ruwa ka tambaya zai nuna maka. Ka cire duka. Yau."

Na bar shayin na sauka. Injiniya yana da ɗan shago a bayan kasuwar waya, cike da matattun kwamfutoci. Mutum ne mai sanyin jiki, ya kusa zama sa'ana, ba ya gaggawar komai, amma da na gaya masa sai ya ture abincinsa gefe. Cikin minti biyar ya goge ta daga shafinmu, ya sauke littafin ya ɗora wanda na gyara.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Shi ke nan?"

Ya girgiza kai. Ya rubuta cikakken sunanta a wurin bincike, ya juyo min da allon. Ga ta nan a layin farko, da sunan cibiyar da unguwar a ƙasa, duk da shafin da ke bayan layin ya riga ya canza.

Ya ce, "Wannan ba namu ba ne. Injin binciken ya riga ya kwafa ya ajiye. Zan cika musu buƙata su sabunta, yakan ɗauki kwana ɗaya, yakan ɗauki mako. Wannan ma mai sauƙi ne, Malam. Imel ɗin da ka aika fa? Yana cikin akwatin mutum ɗari huɗu, ba ni da hannun da zai shiga can. Hoton talla kuma ka ce a yaɗa, an yaɗa. Matata ma ta gani a zauren 'yan ajinsu."

"To a ce kowa ya goge."

"Ka ce. Amma in ka rubuta wa mutum ɗari huɗu cewa su goge shafi na shida, kowa shafi na shida zai buɗe."

Haka muka yi abin da za a iya. Na goge hoton tallan a zaurukanmu, inda ya gogu. Na aika sabon littafi da cewa an sami kurakurai a na farko, a yi amfani da wannan, ban ce wane kuskure ba. Na kira shugabannin rassa ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su cire tallan duk inda suka tura. Wasu suka ce to, wasu suka ce me ya faru, na ce ba komai. Guda ɗari ukun da aka buga na kwaso su a kwali na kawo ofis, na zauna da reza ina yanke shafi na shida daga kowanne. Har la'asar ina yi. Na tara yankakkun a leda na kai bayan shagon tayoyi na ƙone su, mai shagon yana kallona yana tambaya ko takardun asiri ne.

Na kira ta na gaya mata duk abin da aka yi. Ta ce, "Kwana nawa ya yi a buɗe?" Na ce uku da 'yan awoyi. Ta ce, "Yana rubuta sunana a waya kamar yadda wasu ke duba labarai. Ƙanwarsa ce ta taɓa gaya min." Ta ce ba za ta zo taron ba, a cire jawabinta. Ta kashe wayar.

Bayan kwana huɗu injin binciken ya sabunta, sunanta ya daina fito da komai. Injiniya ya turo min hoton allon, na tura mata, ba ta amsa ba. Kwana biyar, shida, bakwai, shiru. Na fara samun barci. A kwana na tara har na ce wa maman yara, "Kin gani ko, wani lokacin tsoro ne kawai. Mutumin ƙila ma ya yi wani auren ya manta da su." Ta dube ni, ta ɗauki kwanukanta ta shiga ciki. Ina jin kunyar wannan maganar har yau, fiye da yadda nake jin kunyar buɗe kabad ɗin.

A kwana na goma sha biyu, ranar Talata, shugabar cibiyar da Anti Tata ke aiki ta kira ofis. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce in ina da hali in zo in ga aikina.

Mota biyu na hau kafin in isa. Cibiyar gida ne mai hawa ɗaya da aka mayar wurin aiki, da baƙin get da ɗan ɗakin maigadi. Da na ambaci wadda nake nema, maigadin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya miƙe tsaye ya tare ƙofar da jikinsa.

"Babu mai wannan sunan a nan. Kai kuma waye? Shi ya aiko ka?"

Sai da shugabar ta fito da kanta aka bar ni na shiga. Mace ce gajera mai tabarau, ta girme ni. Ta bi da ni ta cikin babban ɗakin gashi. An shimfiɗa katifun roba masu launi a ƙasa, ga manyan ƙwallaye, ga wasu ƙarafa biyu a jere da yara ke kamawa suna koyon tafiya, ga dogon madubi a bango. Iyaye mata kusan goma suna zaune a benci da yara a cinya. Ma'aikaciya ɗaya ce tak a kan katifa, tana fama da wani yaro mai kuka.

A ofishinta ta rufe ƙofa, ba ta ce in zauna ba.

Ta ce, "Litinin ta makon jiya ya zo. Da riga mai kyau, da fara'a. Ya nuna wa maigadi hoton tallanku a waya, ya ce yana da yaro mara lafiya, an ce masa wannan ce ta iya aiki, wace rana take zuwa, ƙarfe nawa take tashi. Baba maigadi ya gaya masa, don haka iyaye ke zuwa kullum suna tambaya. Yanzu bawan Allah ko abinci ba ya iya ci."

Na ce, "Amma ai a lokacin mun riga mun goge."

"Kun goge naku. Nasa yana wayarsa."

Ta ci gaba. Ranar Talata Anti Tata ta hango shi ta taga, yana tsaye a tsallaken titi wajen mai gyaran takalmi, hannu a aljihu. Ba ta fita ba sai da aka fitar da ita ta ƙofar baya a motar shugabar. Aka kira 'yan sanda, aka nuna musu takardar kotu. Kafin su iso ya tafi. Suka rubuta, suka ce in ya dawo a kira su. Laraba bai zo ba. Alhamis ma bai zo cibiyar ba. Amma da aka tashi daga makaranta, malamar ajin 'yarta ta ce wani mutum ya zo bakin get da leda cike da kayan wasa, ya ce shi ne baban Mimi, a fito masa da ita. Allah ya sa uwar ta riga ta bar umarni a rubuce, ba a ba shi ba. Makarantu uku ne kawai a unguwar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Juma'a da safe suka tafi," in ji shugabar. "Akwati biyu. Ta bar gado, ta bar firiji, ta bar keken yarinyar. Yara ashirin da shida take gani a mako. Ka ga waɗanda ke benci? Nata ne. Ban san abin da zan ce musu ba, cewa nake ta yi tafiya."

Na ce, "Hajiya, ina ta koma? Ina so in je in ba ta haƙuri da bakina."

Ta cire tabaraunta ta dube ni sosai.

"Kai? Ko na sani, kai ne mutum na ƙarshe da zan gaya wa."

Ina fitowa wata mata ta taso daga benci, da yarinya 'yar kamar shekara huɗu a kafaɗa, ƙafafunta sanye da takalman ƙarfe. Ta ga jakata da birona a aljihu, ta ɗauka wani babba ne. Ta ce, "Baba, don Allah ko kun san ranar da Anti za ta dawo? Wata takwas muna zuwa. Makon da ya wuce yarinyar nan ta tsaya da kanta, har na ƙirga biyar. Ba ta yarda da hannun kowa sai nata." Na ce mata ban sani ba. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na iya faɗa a gidan.

An yi taro ranar da aka sa. Aka raba littafi mai shafi na biyar da na bakwai, babu na shida, mutum biyun da ke shafi ɗaya da ita suka zo suna min ƙorafi, na ba su haƙuri. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, lokacin da ya kamata ta hau, aka ba mai shafi biyun nan ƙarin rabin awa, ya kuwa cinye ta tas. Ciyaman ya yaba min a jawabin rufewa, ya ce ƙungiya ba ta taɓa samun sakatare mai tsari irina ba. Aka tafa. Na zauna a kujerata ina jin kamar in tashi in faɗa musu, amma faɗar ma tona mata asiri ne, don haka na yi shiru na karɓi tafin.

Kwana biyu bayan taron wata baƙuwar lamba ta kira ni da hantsi. Lambata tana bayan littafin, a ƙarƙashin "don ƙarin bayani". Murya ce mai daɗi, ta mutum mai ladabi.

"Malam sakatare? Allah ya saka da alheri. Shekara biyu ina neman iyalina, sai ta dalilinku na san inda suke. Saɓani ne irin na gida, ka san mata. To na je kuma an ce ta tashi. Na ce ai dole za ta kawo muku sabon adireshi in za ta sabunta rajista. In ta kawo, don Allah ga lambata. Taimakon aure lada ne, Malam."

Na ce masa kada ya sake kiran wannan layin, na ce zan kai lambarsa wurin 'yan sanda. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ba komai, Malam. Ka riga ka yi mai wuyar." Na kai lambar kuwa. Suka rubuta a wani babban littafi, suka ce sun gode.

Daga ranar na sa wa kabad ɗin kwado. Na kai wa kwamiti sabuwar doka: ba a ƙara wa tarihin kowa ko kalma ɗaya, ba a sa hoto sai mai shi ya amince a rubuce, kuma a nuna wa kowa shafinsa kafin a fitar. Suka amince cikin minti biyu, suka wuce maganar kujerun haya. Doka ce mai kyau. Ba ta mayar da kowa gidansa ba.

Wata uku ban ji ɗuriyarta ba. Na rame har maman yara ta fara yi min maganar asibiti. Sai wata Laraba da rana, ina cike wasu takardu, waya ta yi ƙara, lamba a ɓoye.

"Malam, ni ce."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce, "Baiwar Allah, kuna lafiya? Ina Mimi? Don girman Allah ki yafe min. Wallahi alheri na yi nufi."

"Na sani," ta ce. "Abu ɗaya na kira in roƙa. Ka cire fom ɗina daga kabad ɗinka ka yaga. Ka cire sunana daga rajistar ƙungiya."

"Ai na sa kwado. Wallahi ko Ciyaman ba zai gani ba. In kin sami sabon wuri, ba sai kin ba mu adireshi ba."

"Ba zan nemi sabon wuri ba. Yanzu ya san har yau aikin nake yi, kuma da yara. Wuraren gashin yara ba su da yawa, Malam, in ya sa kansa zai bi su duka da hotona a hannu. Na bar aikin."

"Shekara tara fa! Hannu irin naki? To me za ki yi?"

"Ina ninke kaya a wani wurin wanki. Ba sa tambayar takarda."

Ta bayanta ina jin ƙarar inji yana juyawa, da muryar wata mata tana kiran wani. Na ce ko akwai abin da zan iya yi, ko mene ne, ko wasiƙa ce, ko shaida a kotu. Ta ce in lauyarta ta buƙace ni za ta neme ni. Na sake tambayar Mimi.

"Tana nan. Ban sa ta makaranta ba tukuna, ina tsoro. Da can ta daina tashi a firgice, yanzu ta koma. Jiya na ce mata wata mai zuwa in sha Allahu za ta shiga sabon aji. Sai ta ce min, Mama, in malama ta tambaye ni sunana, in faɗa ko kada in faɗa?"

Na ce, "Me kika ce mata?"

"Ban ce komai ba tukuna. Ka yaga fom ɗin, Malam."

Ta kashe wayar.